Darasi: Tsara Lokacin Talla ta Awa da Rana

Duk tallan da aka saka a Google ko Facebook, idan ba a ɗaura masa lokaci ba, zai yi ta fitowa dare da rana, kwana bakwai a mako. Mai shago na barci, tallansa na cin kuɗi. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, domin akwai masu saye da dare. Laifin yana zuwa ne idan akwai awannin da mutane ke danna talla, ana cajin mai shi, amma ciniki ba ya biyo baya. A wannan darasi za mu koyi yadda ake gano irin waɗannan awanni daga alƙaluman baya, da yadda ake rufe su. Abin da ya fi wuya, kuma shi za mu fi tsayawa a kai, shi ne bambance awar da ta mutu da gaske da wadda ta yi kama da matacciya.

Shagon da za mu yi aiki da shi

Mu ɗauki wani mai sayar da kayan sola a Sabon Gari, Kano: faranti, batir da inbata. Alƙaluman da ke tafe an shirya su ne don darasi, ba na wani shago na gaske ba ne. Yana talla a shafin bincike na Google, kasafinsa Naira 10,000 a rana. Duk wanda ya danna tallan yana faɗawa shafin shagon, inda akwai maɓallin kira da na WhatsApp. An saita asusun ya ƙirga duk wanda ya taɓa ɗaya daga cikin maɓallan biyu. Wannan ƙidaya ita ce ke fitowa a layin `Conversions`, mu kuma za mu kira ta tuntuɓa.

Kafin a buɗe rahoto, sai mai shago ya san darajar tuntuɓa ɗaya a wurinsa. Littafin cinikinsa ya nuna cewa cikin mutum huɗu da suka tuntuɓe shi, ɗaya ke saye, kuma ribar ciniki ɗaya, idan aka haɗa manya da ƙanana aka raba, ta kai Naira 40,000. Ke nan tuntuɓa ɗaya ta tsaya a Naira 10,000. Wannan ita ce iyakarsa. Awar da ke kawo tuntuɓa a ƙasa da haka tana biyan kanta, wadda ta haura kuwa tana cin uwar kuɗi. Wanda bai fitar da wannan lamba ba, zai riƙa rufe duk awar da ta fi ’yan uwanta tsada, alhali mai yiwuwa ita ma riba take kawowa, ta dai fi ƙanƙanta.

Ɗauko rahoto

Ana zaɓar mako takwas. Mako ɗaya ko biyu ba sa isa, kuma mako takwas galibi suna ɗauke da ƙarshen wata sau biyu, lokacin da albashi ke shiga hannun ma’aikata. Makon da ake ciki da wanda ya gabace shi a ajiye su gefe, za mu ga dalili nan gaba. A teburin kamfe ana danna `Segment`, sai `Time`, sai `Hour of day`. Don kwanaki kuma `Day of week`. Google kan sauya wa maɓallai wuri lokaci-lokaci, amma sunayen nan su ake nema.

Abu na farko da za a duba shi ne agogon asusun. Rahoton awanni da jadawalin talla duk suna bin lokacin da aka zaɓa ranar da aka buɗe asusun, ba lokacin da ke wayar mai saye ba. Idan wani ne ya buɗe maka asusun ya bar shi a agogon Los Angeles, to ƙarfe 2 na dare a rahoton ƙarfe 10 ko 11 na safe ne a Kano, gwargwadon lokacin shekara. Wanda ya rufe “dare” a irin wannan asusu ya rufe hantsi ke nan, lokacin da kasuwa ta fi ci. Agogon Landan ya fi ruɗarwa, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba daidai yake da na Najeriya da Nijar, sauran watannin kuma yana baya da awa ɗaya.

Kada a karanta awa ɗaya-ɗaya

Mako yana da awa 168. Shagonmu ya kashe Naira 560,000 cikin mako takwas, ya samu dannawa 3,200 da tuntuɓa 80. Wato tuntuɓa ɗaya a kowace dannawa 40, a kan Naira 7,000. Idan aka raba dannawa 3,200 ga awa 168, kowace awa ta samu kimanin 19. To dannawa 19, a shagon da sai an danna sau 40 ake samun mutum ɗaya, ba ta nuna komai. Ko da a ce duk awannin ƙarfinsu ɗaya, lissafi ya nuna kusan shida cikin goma za su fito da sifili. Mai gaggawa zai ga “Talata ƙarfe 11, babu ko ɗaya”, ya rufe, alhali sa’a ce kawai ba ta faɗo a nan ba.

Akwai ma’auni mai sauƙin riƙewa. A ɗauki yawan dannawar da ke kawo tuntuɓa ɗaya, a ninka sau uku. A shagonmu 40 sau 3, wato 120. Idan awa tana da lafiya, yiwuwar ta sha dannawa 40 ba tuntuɓa ya fi ɗaya cikin uku, amma yiwuwar ta sha 120 ba ko ɗaya bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Don haka sifili bai zama hujja ba sai dannawa ta kai nan. Hanyar kaiwa ita ce haɗa awanni rukuni-rukuni, bisa yadda mutane ke tafiyar da yininsu:

| Lokaci | Kuɗi (Naira) | Dannawa | Tuntuɓa | Kuɗin tuntuɓa ɗaya |
|---|---|---|---|---|
| 12 na dare zuwa 6 na safe | 84,000 | 600 | 3 | 28,000 |
| 6 zuwa 9 na safe | 56,000 | 320 | 7 | 8,000 |
| 9 na safe zuwa 1 na rana | 140,000 | 700 | 35 | 4,000 |
| 1 zuwa 5 na yamma | 112,000 | 560 | 16 | 7,000 |
| 5 na yamma zuwa 9 na dare | 98,000 | 560 | 14 | 7,000 |
| 9 zuwa 12 na dare | 70,000 | 460 | 5 | 14,000 |

Rukuni huɗu na tsakiya suna ƙasa da iyakar Naira 10,000, ba ruwanmu da su. Biyu ne suka haura, kuma ba hukunci ɗaya za a yi musu ba.

Tsakar dare zuwa asuba ya sha dannawa 600. Da yana tafiya kamar sauran, da ya kawo tuntuɓa 15, sai ga shi da 3. An zuba Naira 84,000 an kwaso abin da darajarsa 30,000 ce, asarar 54,000 ke nan. Ba wuya a gane dalili. An ɗauke wuta, zafi ya hana barci, mutum ya ɗauki waya yana duba farashin batir don ya san inda dare ya yi masa. Sha’awa ce ta gaske, amma ba ta mai shirin biya ba ce. Dannawa a wannan lokaci ta fi araha, Naira 140 maimakon 200 ta rana, kuma wannan arahar ce ke yaudarar mutane su bar shi a buɗe.

Mai saye ne ke barci, ko shago?

Rukunin 9 zuwa 12 na dare shi ne ke buƙatar natsuwa. Tuntuɓa 5 a kan Naira 70,000. Da a ce 7 ne, da kuɗin kowace ya sauko Naira 10,000 cif, ya tsaya kan iyaka. Mutum biyu kacal ke tsakaninsa da tsira. Tambayar ita ce ko akwai mutum biyu cikin mako takwas da suka ga tallan da dare, suka saya, amma rahoto bai ƙirga su ba.

Ga yadda Google ke ƙidaya. Idan mutum ya danna talla ƙarfe 10 na dare, ya dawo da safe da wannan wayar ya taɓa maɓallin WhatsApp, ana rubuta tuntuɓar ne a lokacin da ya danna tallan, wato 10 na dare, ba lokacin da ya yi magana ba. Wa’adin da aka saba bari shi ne kwana 30. Wannan tsari yana yi wa dare adalci, kuma shi ne dalilin da ya sa muka ajiye makonnin baya-bayan nan: waɗanda suka danna jiya ba su gama dawowa ba tukuna. Akwai wani layi dabam, `Conversions (by conv. time)`, mai rubuta abin a lokacin da ya faru. Yana da amfani wajen sanin lokacin da ya kamata a zauna kusa da waya, amma ba da shi ake yanke hukuncin jadawali ba.

Sai dai akwai waɗanda ke kuɓuce wa ƙidayar gaba ɗaya. Magidanci ya ga tallan ƙarfe goma da rabi, kunya ta hana shi kiran mutum a wannan lokaci, ya kwafe lambar, washegari ya kira kai tsaye. Wani ya tura wa ƙaninsa hoton shafin ya ce ya je Sabon Gari ya gani da idonsa. Babu ɗayansu da ya taɓa maɓalli, don haka babu su a rahoto. Kayan sola ba abin da ake saye a tsaye ba ne, ana shawara da iyali da mai haɗa wuta, kuma dare ne lokacin da ma’aikaci ke samun sukunin yin wannan tunani.

Rahoto ba zai warware wannan ba, littafin shago ne zai warware. Yaron shago ya riƙa tambayar duk wanda ya kira ko ya zo: “Alhaji, a ina ka samu lambarmu, kuma da rana ne ko da dare?” Ya rubuta amsar kusa da cinikin har tsawon wata guda. A kuma duba saƙonnin WhatsApp da suka shigo bayan an tashi: ƙarfe nawa aka amsa su? Idan saƙon 10 na dare sai azahar ake waiwayarsa, to ba mai saye ne ya yi barci ba, shago ne. Maganin wannan amsa ce ta atomatik mai ɗauke da farashi da lokacin buɗewa, da kuma wanda zai bi saƙonnin da sassafe. A ganina, rufe awa saboda sakacin amsa kuskure ne mai tsada, domin an hukunta kasuwa da laifin da ba nata ba.

Tsakar dare ba zai tsira da wannan hujja ba. Kafin Naira 84,000 ta biya kanta sai an samu tuntuɓa tara, wato a ce mutum shida sun ɓuya ga uku da aka gani. Idan littafin shago bai nuna haka ba, a rufe shi. Rukunin 9 zuwa 12 kuwa a bar shi, a rage masa tayi. Iyakarmu 10,000 ce, shi kuma yana kan 14,000. Idan aka raba 10 da 14 ana samun kusan kashi 70 cikin ɗari, don haka ragin kashi 30 ya dace.

Kwanaki, da batun Juma’a

Sai an cire awannin da aka yanke wa hukunci sannan a duba kwanaki, in ba haka ba asarar dare za ta ɓata wa kowace rana suna. A shagonmu, bayan cire tsakar dare, Lahadi ta ci Naira 60,000, dannawa 350, tuntuɓa 4, wato 15,000 kowace. Shagon ba ya buɗewa Lahadi, don haka tambayar ɗazu ce ta dawo: a duba ko safiyar Litinin na cika da mutanen da suka ga talla jiya. Har a samu amsa, ragi ya fi rufewa.

Mutane da yawa, da zarar sun koyi jadawali, sai su fara da rufe lokacin sallar Juma’a. Mu duba lissafin. Rukunin 1 zuwa 5 yana samun dannawa goma a rana, awa biyu na ciki kimanin biyar. Juma’a takwas sun ba da 40 ke nan, ƙasa da ma’aunin 120. Ban da haka, a tallan bincike ana biya ne idan an danna. Wanda ke masallaci ba ya bincike, ba ya dannawa, ba ya ci maka ko kwabo. Awar da babu kowa ba ita ce matsala ba, ta rufe kanta da kanta. Awar da ake ta dannawa ba a saye ita ce ke zubar da kuɗi.

Saka jadawalin

A cikin kamfe ana shiga `Ad schedule`, a zaɓi rana, lokacin farawa da na tsayawa. Ana iya yanka lokaci har zuwa minti 15, kuma kowace rana tana ɗaukar yanki shida. Ga shagonmu yanki biyu sun isa a kowace rana: 6 na safe zuwa 9 na dare, sai 9 zuwa 12 da ragin kashi 30. Ragi ko ƙarin tayi yana iya kamawa daga rage kashi 90 zuwa ƙara kashi 900.

Abu biyu ke kama sababbin hannu. Da zarar an rubuta jadawali, talla ba zai fito ba sai a lokutan da aka rubuta, don haka wanda ya manta da Asabar ya kashe Asabar ɗungurungum. Na biyu, yanki ba ya tsallake tsakar dare. Mai son talla daga 9 na daren Alhamis zuwa 2 na dare sai ya rubuta layi biyu, ɗaya a Alhamis, ɗaya a Juma’a.

Akwai kuma sharaɗi babba game da ragin tayi. Yana aiki ne idan kai ke sa tayinka da hannu, kamar a `Manual CPC`. Idan kamfen na kan `Maximize conversions` ko `Target CPA`, Google ne ke sa tayi a kowane bincike, yana la’akari da lokaci tare da sauran alamomi, kuma ba ya bin ragin da ka rubuta wa awanni. Rufewa dai yana girmama ta. A irin wannan kamfe zaɓi biyu ne, buɗe ko rufe, kuma ya kamata a rage yawan rufewa, tunda na’urar da kanta takan sassauta tayi inda ta ga ba a samun tuntuɓa. Inda hannun mai shago ya fi nata shi ne abin da ba ta gani: lokacin da babu mai ɗaga waya, da irin tuntuɓar da ba ta zama ciniki.

Ina kuɗin ke tafiya?

Rufe tsakar dare ya ’yantar da Naira 1,500 a rana, amma ba lallai ta dawo aljihu ba. Idan kamfen na nuna `Limited by budget`, wato kasafi na ƙarewa alhali akwai sauran masu bincike, kuɗin zai koma awannin da ke buɗe. Wannan shi ake so. Sai dai kada a lissafa shi da farashin hantsi na Naira 4,000, domin ƙarin mutanen da za a samu sukan fi na farko tsada. Ko a Naira 8,000 aka lissafa, 84,000 za ta kawo tuntuɓa goma a madadin uku. Idan kuwa kasafi dama ba ya ƙarewa, kuɗin zai zauna ne kawai, tuntuɓa kuma ta ragu da ukun nan. Bayan mako huɗu a auna jimillar shago, ba awa ɗaya ba: kuɗin da aka kashe, tuntuɓa, da cinikin da ke littafi. Idan kiran safe ya ragu sosai bayan rufe dare, alama ce dare na ciyar da safiya, sai a mayar da shi.

Idan a Facebook da Instagram ne

A can jadawali ba ya samuwa sai an zaɓi `Lifetime budget`, wato kasafin dunƙule mai ranar farawa da ta ƙarewa, sannan `Run ads on a schedule` ya bayyana. Ana iya zaɓar agogon mai kallo maimakon na asusu, abin da ke taimakon mai sayar da atamfa ga mutanen Accra da ke bayan Kano da awa ɗaya, ko na Jidda da ke gaba da awa biyu. Galibi a can ana biya ne don nuna talla, ba don dannawa ba. Tarkon kuma a juye yake: dare kan nuna saƙonni masu yawa da araha, “nawa ne?” sannan shiru. Rahoto zai yabi dare, littafin shago ne zai faɗi ko an saya. A kuma tuna cewa tsarin Meta na neman sakamako kusan 50 a mako kafin ya gama koyon waɗanda zai nuna wa talla, don haka tsuke awanni a kan ƙaramin kasafi na iya hana shi daidaituwa.

Jadawali na tsufa

Awar da aka rufe ba ta ƙara kawo alƙaluma, saboda haka ba za ta taɓa wanke kanta ba sai an sake buɗe ta. A riƙa buɗe ta lokaci-lokaci, kamar bayan wata uku, har ta tara dannawa 120, a sake aunawa. Da azumi kuwa a ajiye tsohon jadawali gaba ɗaya. Mutane na farke bayan tarawihi da lokacin sahur, safiya ta yi sanyi, gab da buɗa-baki kowa ya bar waya. Alƙaluman Sha’aban ba sa aiki a Ramadan. Mai son kwatantawa da bara ya kwatanta azumi da azumi, domin yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Haka bazara, daga Maris zuwa Mayu, tana iya sauya halin masu neman sola da dare fiye da lokacin hunturu.

Aikin yi

1. Wata mai sayar da turaren wuta tana samun oda ɗaya a kowace dannawa 25. Rukunin 2 zuwa 4 na rana ya sha dannawa 50 ba oda. Shin ta rufe shi? Dannawa nawa ya kamata ta jira?

2. A shagon sola, a ce riba ta ƙaru zuwa Naira 60,000 a kowane ciniki, kuma har yanzu mutum ɗaya cikin huɗu ke saye. Fitar da sabuwar iyaka, sannan ka faɗi hukuncin rukunin 9 zuwa 12 na dare da na Lahadi.

3. Asusun wani yana kan agogon Landan, a watan Janairu. Yana son tallansa ya fito daga 7 na safe zuwa 10 na dare agogon Kano. Waɗanne lokuta zai rubuta a `Ad schedule`, kuma me zai gyara idan Afrilu ya kama?